Yadda Ake Raba Bugun Agogo Gida Uku, Sama da Ƙasa Su Zo Daidai

Kaunta mai aiki da gefen hawa kaɗai, wato lokacin da siginar agogo ke tashi daga ƙasa zuwa sama, ba za ta ba da fita mai kashi 50 cikin ɗari a sama ba, domin rabin bugu uku shi ne bugu ɗaya da rabi, wannan rabin kuwa sai a gefen sauka ake samunsa.

1. A haɗa filif-fulof biyu nau'in D, masu aiki da gefen hawa, fitarsu Q1 da Q0, a wannan jeri, su riƙa zagaya 00, 01, 10:

```
D0 = NOT (Q0 OR Q1)
D1 = Q0
```

Ko da kaunta ta faɗa 11 lokacin kunnawa, bugu na gaba zai mayar da ita 10.

2. A duba Q1. Mitarsa ta riga ta rabu uku, amma bugu ɗaya yake yi a sama, biyu a ƙasa.

3. A shigar da Q1 cikin filif-fulof na uku mai aiki da gefen sauka, wanda fitarsa, Q2, kwafin Q1 ce da ta makara da rabin bugu.

4. A haɗa Q1 da Q2 ta ƙofar OR. Da yake Q2 yana sama a lokacin da Q1 ke sauka, fitar ba ta yankewa a tsakiya. Agogo mai 30 MHz zai ba da 10 MHz, wato 50 ns a sama, 50 ns a ƙasa.

5. A auna da osiloskof, kuma a fara da agogon shiga, domin daidaiton ya dogara da shi kacokan. Idan kashi 40 yake yi a sama, fitar za ta yi bugu 1.4 cikin uku a sama, kusan kashi 47.