Rubutun godiya na dare: kurakuran da ke kashe shi kafin ya yi wata guda

Abin ba shi da wuyar bayani. Kowane dare, a lokaci ɗaya, waya ta yi ƙara ko wani ya turo maka tambaya, ka buɗe ɗan littafi ka rubuta alherin da ya same ka a yinin. Wuyar tana zuwa ne a mako na biyu ko na uku, inda za ka ga littafin ya koma ƙarƙashin katifa da shafi shida kacal a rubuce. Sau da yawa ba lalaci ba ne, yadda aka tsara abin tun farko ne ba zai ɗore ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaɓen lokaci da ido, ba tare da duba yadda daren gidan yake tafiya ba. Mutum ya ce ƙarfe takwas, don lamba ce mai daɗin faɗa. To a Jos lokacin Isha yana motsi da shekara: wajen Nuwamba ana kiranta da wuri, bakwai da 'yan mintoci, amma a Yuni da Yuli sai ta kai kusan takwas. Ƙararrawar da ta yi maka daidai lokacin sanyi, da damina za ta riƙa samunka a sahu ko kana hanyar dawowa daga masallaci. Ka kashe ta yau, ka kashe ta gobe, hannunka ya saba kashewa ba tare da ka ma karanta abin da ke jiki ba. Wasu kuma su tura ta sha ɗaya na dare. Wanda ya san sanyin Disamba a Jos ya san idan mutum ya shiga bargo, ba ya sake fito da hannu don neman biro.

Gyaran shi ne ka nemi wani aiki da ba ka fashinsa kowane dare, ka jingina rubutun a bayansa, sannan ka sa ƙararrawar ta dace da shi. Ga wani, shan shayin dare ne. Ga wata, kwantar da yara. A gidajen da ake addu'ar iyali kafin barci, da an ce amin sai a ɗauki littafi. Ƙararrawa tunatarwa ce kawai, aikin da ka jingina da shi ne zai riƙe al'adar ranar da aka ɗauke wuta waya ta mutu.

Ga misali. Wata tela a Unguwar Rogo tana rufe keke wajen bakwai, ta yi girki, ta yi sallah, yara su kwanta kusan tara, ita kuma barci ya kwashe ta kafin goma. Tagar da take da ita tsakanin tara da tara da rabi ce. Sai ta sa ƙararrawa 9:10 a manhajar Clock, ta kunna Repeat ga dukkan ranaku bakwai, a wajen Label kuma ta rubuta tambayar kanta da Hausa: "Wa ya kyauta miki yau?" Na fi son wannan a kan manhajojin tunatarwa da ake saukewa, domin wayoyin Android da yawa suna danne saƙon irin waɗannan manhajoji idan suna tattalin batir, saƙon tara ya iso sha biyu ko ma ya ƙi zuwa. Littafin da biron kuma ba a cikin durowa suke ba, suna kan akwatin da take jingina fitila. Idan sai ta tashi neman biro a jakar makarantar yara, daren ya tafi.

Sai maganar tsayi, kuma a nan ne masu ƙwazo suka fi faɗuwa. Daren farko mutum ya cika shafi biyu, yana jin daɗi. Ba tare da ya sani ba, ya kafa wa kansa ma'auni. Ranar da ya dawo a gajiye, kai na ciwo, sai ya ga ba zai iya shafi biyu ba, layi biyu kuma ya zama kamar abin kunya, sai ya bari sai gobe. A auna tsayin da daren da ya fi muni, ba da wanda ya fi daɗi ba. Layi uku, minti uku zuwa biyar, a rufe littafi ko da akwai sauran magana. Atisayen da masanin halayyar ɗan Adam Martin Seligman da abokan aikinsa suka gwada, suka wallafa a 2005, bai wuce haka ba: abubuwa uku da suka tafi daidai a yinin, da dalilin kowanne, kowane dare har mako guda. Da aka bi sawun mutanen bayan wata shida, an samu har lokacin sun fi jin daɗin rai, musamman waɗanda suka ci gaba da yi don kansu.

Gajarta kuma ba ita ce rubuta "lafiya, iyali, abinci" kullum ba. Duk gaskiya ne, alhamdu lillahi, amma idan kalmomin nan uku suka maimaitu dare goma, hannu ne ke rubutu, zuciya tana wani waje. Alamar ita ce ka buɗe shafin Talata da na Alhamis ka kasa bambance su. A sa mutum, a sa wuri, a sa dalili. Telar nan tana iya rubuta: "Mai Keke Napep ya jira ni a Terminus har na sayi zare, bai ƙara kuɗi ba." Ko: "Hajiya ta ce, ''Yata, wuyan rigar nan ya zauna,' ta biya cikon kuɗinta nan take." Layi ɗaya ne, amma bayan shekara za ta tuna ranar.

Idan duk da haka abin ya fara gundura, a canza tambayar, kada a taɓa lokacin. Tambayoyi uku ko huɗu sun isa a riƙa juyawa: wa ya taimake ni, me ya zo da sauƙi fiye da yadda na zata, wace matsala ce ta kauce mini. Akwai ma gwajin da masaniyar halayyar ɗan Adam Sonja Lyubomirsky ta yi da ɗalibai na mako shida, inda masu lissafa ni'imominsu sau ɗaya a mako suka amfana, masu yi sau uku a mako kuwa ba a ga wani canji ba. Ni abin da na ɗauka daga nan shi ne maimaici yana dusashe abin. Wanda ya juya tambayoyi amma har yanzu yana ji kamar aikin gida ne na makaranta, ya mayar da shi daren Juma'a ko na Lahadi kawai, a dai wannan sa'ar.

Masu turo wa juna tambayar a zauren WhatsApp na dangi su kula da abu biyu. Mutum ɗaya ya ɗauki nauyin turawa, a lokaci ɗaya, tambaya ɗaya ba tare da dogon wa'azi ba. Amsa kuma ta tafi littafi, ba zaure ba, don da an fara amsawa a gaban kishiyoyi da surukai, godiya ta koma nuna arziki.

Na ƙarshe shi ne biyan bashi. An yi biki a Bukuru, an dawo sha biyun dare, kwana biyu ba a rubuta ba, sai mutum ya ce zai haɗa na kwana uku a zama ɗaya. Layi tara ke nan, an koma matsalar tsayi. Ba a ramuwa a nan. Binciken Phillippa Lally a Landan, wanda ya fito a 2010, ya nuna tsallake rana ɗaya ba ya rushe al'adar da ake ginawa, kuma ita al'adar tana ɗaukar lokaci kafin ta zauna: tsaka-tsaki kwana 66, wasu 18, wasu har 254. Saboda haka kada a bar shafi fari don ranakun da aka tsallake. A rubuta kwanan watan yau a layin da ke biye, a ci gaba daga nan.