Babi na Bakwai: Shin Janairu ya fi sauran watanni riba a kasuwar hannun jari?

Masu saye da sayar da hannun jari sun daɗe suna cewa akwai watan riba, akwai watan asara. Wanda ya fi suna shi ne Janairu. A 1942 Sidney Wachtel ya rubuta cewa farashin hannayen jari a Amurka yakan tashi a farkon shekara. A 1976 Michael Rozeff da William Kinney suka bi bayanan kasuwar New York daga 1904 zuwa 1974, suka samu cewa matsakaiciyar ribar Janairu ta kai kusan kashi 3.5 cikin ɗari, ta sauran watanni kuwa ba ta kai rabin kashi ɗaya ba. A wannan darasi za mu koyi yadda mutum zai gwada irin wannan magana da hannunsa, ya gane ko gaskiya ce ko dace ne kawai.

Tara lambobi

Abin da ake buƙata shi ne farashin rufe kasuwa na ranar ƙarshe ta kowane wata, na shekaru masu yawa. Gara a ɗauki ma'aunin kasuwa gaba ɗaya, wato lamba guda da ke haɗa farashin kamfanoni masu yawa, kamar S&P 500, da a ɗauki kamfani guda, domin labari ɗaya kan iya jefa kamfani sama ko ƙasa ba ruwansa da wata.

Ba farashin kansa ake kwatantawa ba, ribar wata ake kwatantawa. Idan ma'auni ya rufe Disamba a kan 200, ya rufe Janairu a kan 210, ƙarin 10 ne. A raba 10 da 200, a samu 0.05, wato kashi 5 cikin ɗari. Wanda ya kwatanta farashi kai tsaye zai ga kamar Disamba ya fi Janairu a yawancin shekaru, alhali kasuwa ce ke hawa a hankali cikin shekara. Idan akwai bayanan da suka haɗa da ribar da kamfanoni ke raba wa masu hannun jari, su za a ɗauka, saboda farashi yakan sauka idan an fitar da wannan rabo, kuma watan da aka fi yin rabon zai zama kamar watan asara.

Misalin da za mu yi aiki da shi

Waɗannan lambobi na koyo ne, ba na wata kasuwa ba ne. A ce ribar Janairu ta shekara goma, kashi cikin ɗari, ita ce:

5, −3, 8, 2, −6, 9, 4, −1, 7, 0

Jimlarsu 25. A raba da 10, matsakaici ya zama 2.5. A ce kuma sauran watanni 110 na waɗannan shekaru matsakaicinsu 0.7 ne. Tazarar ita ce 1.8, wato Janairu ya ninka sauran fiye da sau uku.

A nan mutane da yawa ke tsayawa, su ce an gano. Amma ku sake duban lambobin. Shekara uku an yi asara, shekara ɗaya ba a samu komai ba. Daga −6 har zuwa 9 suke yawo. Lambobin da ke tsalle haka, matsakaicin goma daga cikinsu ma tsalle yake yi. Tambayar ita ce, da a ce Janairu ba shi da wani bambanci da sauran watanni, sau nawa dace kaɗai zai iya kawo tazarar 1.8?

Auna warwatsuwa

Za mu auna yadda lambobin suka warwatse daga matsakaicinsu. A cire 2.5 daga kowace lamba, sannan a ninka abin da ya fito da kansa. Na farko, 5 a cire 2.5 saura 2.5, a ninka da kansa ya ba 6.25. Na biyu, −3 a cire 2.5 ya zama −5.5, a ninka da kansa ya ba 30.25. Ana ninkawar ne don kada na ƙasa da sifili su cinye na sama. Idan aka yi wa duka goman haka aka tara, za a samu 222.5. A raba da 9, wato yawan lambobin a cire ɗaya, a samu 24.7. Sai a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba 24.7. Kusan 5 ce. Ma'anarta, a shekarar da aka saba, ribar Janairu kan kauce wa matsakaicinta da kusan kashi 5, sama ko ƙasa.

Matsakaicin shekara goma ba ya kaucewa kamar shekara guda, domin mai kyau da mara kyau suna rage wa juna ƙarfi. Don a san iyakar kaucewarsa, a raba 5 da lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba 10, wato 3.16. Amsa kusan 1.6. Wannan shi ne kuskuren ƙiyasi. Matsakaicin sauran watannin ma yana da nasa kuskure, amma ƙarami ne tunda su 110 ne. Idan warwatsuwarsu ma 5 ce, haɗa shi ciki zai kai lambar 1.64 kawai.

Yanzu a raba tazarar da kuskuren: 1.8 a raba da 1.64 ya ba 1.1. Wannan lamba ita masana ƙididdiga ke kira t. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, sai t ta kai wajen 2 kafin a ce tazarar ta wuce abin da dace ke kawowa a kai a kai. Idan shekarun kaɗan ne kamar namu, sai ta ɗan haura 2. Tamu 1.1 ce, ba ta ko kusa ba. Ko da Janairu wata ne kamar kowane wata, za a ga tazara mai wannan girma, sama ko ƙasa, kusan sau uku cikin goma.

A lura da kyau: wannan bai tabbatar da cewa Janairu ba shi da fifiko ba. Ya nuna ne cewa shekara goma ba ta isa shaida ba. Da tazarar da warwatsuwar za su tsaya yadda suke, sai an tara kusan shekara 34 kafin t ta kai 2.

Mai amfani da Excel zai iya yin duk wannan da layi huɗu. A ce farashi na shafin B, ribar Janairu na D, ta sauran watanni na E:

```
=B3/B2-1
=AVERAGE(D2:D11)
=STDEV.S(D2:D11)
=T.TEST(D2:D11,E2:E111,2,3)
```

Layin ƙarshe ba t yake bayarwa ba, lambar p yake bayarwa, wato yiwuwar ganin irin wannan tazara ko fiye da ita idan babu bambanci na gaske. A misalinmu za ta fito wajen 0.3. Abin da aka saba nema shi ne ƙasa da 0.05.

Tarkon watanni goma sha biyu

Wannan shi ne wurin da na fi so ku tsaya ku fahimta, domin nan ne ake yawan yaudarar mutane, nan ne kuma mutum ke yaudarar kansa.

Iyakar 0.05 tana nufin ko babu komai, sau ɗaya cikin ashirin gwajin zai ce akwai. Wannan na wanda ya zaɓi watansa tun kafin ya ga lambobi ne. To amma yawanci ba haka ake yi ba. Ana jera matsakaicin watanni goma sha biyu, a duba wanda ya fi tsawo, sannan a gwada shi. Wanda ya yi haka gwaji goma sha biyu ya yi, ko da ɗaya ya rubuta. Dole ne wani wata ya zo na ɗaya, wani ya zo na ƙarshe. Kamar a sa mutum goma sha biyu su yi ta jefa kwabo ne, sannan a ɗauko wanda kwabonsa ya fi faɗowa ta fuskar kai a ce yana da baiwa.

Lissafin ba wuya. Yiwuwar gwaji ɗaya ya tsira daga ƙararrawar ƙarya 0.95 ce. A ninka 0.95 da kanta har sau goma sha biyu, a samu kusan 0.54. Saboda haka kusan sau 46 cikin ɗari, aƙalla wata ɗaya zai fito kamar na musamman a kasuwar da babu wani wata na musamman a cikinta.

Magani mafi sauƙi shi ne gyaran Bonferroni: a raba 0.05 da 12, a samu kusan 0.004. Watan da aka tsinto bayan an ga lambobi sai p ɗinsa ta sauka ƙasa da wannan, wato t ta kai kusan 2.9. Da tazarar misalinmu, hakan na buƙatar kusan shekara 70.

Idan wata ya tsallake

Ko ya tsallake, da saura. A fara cire shekarar da ta fi kowace girma a sake lissafi. A misalinmu, cire 9 kaɗai na sauke matsakaici daga 2.5 zuwa 1.8. A kasuwa ta gaske abin ya fi haka: ranar 19 ga Oktoba 1987 ma'aunin Dow Jones ya faɗi da kashi 22.6 cikin ɗari a yini guda, kuma wannan shekara ɗaya ta isa ta ɓata sunan Oktoba a bayanan shekara ashirin.

Sannan a raba shekarun gida biyu, na farko da na baya. Abin da yake na gaske ya kamata ya bayyana a duka biyun. A nan fifikon Janairu ya yi rauni, domin bayan an yayata shi, binciken da ya biyo baya ya nuna ya ragu ƙwarai, musamman a manyan kamfanoni. Dama a 1983 Donald Keim ya nuna cewa a ƙananan kamfanoni abin ya fi taruwa, kuma babban ɓangarensa a kwanakin farko na watan yake. Dalilin da aka fi kawowa shi ne haraji: a Amurka masu jari kan sayar da hannayen da suka faɗi kafin shekara ta ƙare don asarar ta rage musu haraji, farashi ya sauka a Disamba, ya farfaɗo a Janairu. A ganina tazarar da ke da dalili irin wannan ta fi cancantar a saurare ta, ko da yake dalilin ma sai an gwada shi.

Daga ƙarshe a cire kuɗin dillali da ratar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa. A ƙananan kamfanoni ratar tana da faɗi, har takan cinye yawancin ribar da aka gani a takarda.

Aikin yi

1. Ma'auni ya rufe Agusta a kan 250, ya rufe Satumba a kan 240. Nawa ce ribar Satumba?

2. A ce tazarar tana nan 1.8, warwatsuwa 5, amma shekarun 40 ne. Ku raba 5 da 6.32, sannan ku nemo t. Ta wuce 2? Ta wuce 2.9?

3. Wani ya ce ya duba watanni duka, ya ga Afrilu ya fi riba, kuma p ɗinsa 0.03 ce. Wace iyaka za ku auna shi da ita, kuma me ya sa?