Darasi na Bakwai: Yadda Ake Karanta Lambar Casis

Mai sayar da mota zai iya faɗa maka kowace shekara ya ga dama, amma lambar casis tana nan tun daga masana'anta. A takardun mota ana rubuta ta da sunan VIN. Za ka same ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofar direba idan ka buɗe ta. Tun daga 1981 yawancin motoci suna da gurbi 17, haruffa da lambobi a gauraye. Ba a sa I ko O ko Q a ciki, don kada su rikice da 1 da 0. Idan ka ga kamar O, to sifili ne.

Ɗauko biro ka kwafi wannan, ka sa wa kowane gurbi lambarsa a ƙasa, daga 1 zuwa 17:

```
1HGCM82633A004352
```

Gurbi uku na farko suna nuna ƙasar da aka haɗa motar da kamfanin da ya yi ta. A farkon lamba, 1 ko 4 ko 5 na nufin Amurka, 2 Kanada, J Japan, W Jamus, K kuwa galibi Koriya ta Kudu. Tamu ta fara da 1HG, wato Honda ce da aka haɗa a Amurka. Ka ga ke nan sunan kamfani daban, wurin haɗi daban.

Daga gurbi na 4 zuwa na 8 bayanin jiki da inji ne, kuma kowane kamfani da tsarinsa. A wannan Honda, CM8 na nufin Accord mai ƙofa biyu da inji mai fulogi shida. Da CM5 ne, da Accord ce mai ƙofa huɗu da fulogi huɗu. Kada ka ɗauki ma'anar Honda ka ɗora wa Toyota, za ka sayi kayan injin da ba naka ba. Haka nan lambar tana faɗar injin da motar ta fito da shi ne. In an taɓa sauya inji, sai bakanike ya duba lambar da ke jikin injin kansa.

Yanzu ƙirga a hankali zuwa gurbi na 10, domin nan mutane suka fi tuntuɓe. A lambarmu 3 biyu ne a jere. Na farko, wato gurbi na 9, lambar tantancewa ce da ake samu ta hanyar lissafi, don a gane ko an taɓa sauran. Na biyu shi ne shekara: 3 na nufin 2003. Daga 2001 zuwa 2009 ana sa 1 zuwa 9. A 2010 aka koma haruffa: A ita ce 2010, B 2011, har H 2017, sai a tsallake I, J ta zama 2018. Tsarin yana juyowa duk shekara 30, shi ya sa A tana iya zama 1980 ko 2010. A ƙananan motocin kasuwar Amurka gurbi na 7 ke raba gardama: lamba ce kafin 2010, harafi daga 2010.

Amma fa wannan shekarar samfuri ce. Motar 2003 tana iya fitowa daga masana'anta a ƙarshen 2002. Ainihin wata da shekarar ƙira suna kan takardar da aka manna a ginshiƙin ƙofa.

Gurbi na 11 masana'anta ce. A wurin Honda, A na nufin Marysville a jihar Ohio. Shida na ƙarshe lambar jeri ce kawai.

Kafin ka amince da gurbi na 10, sai ka san kasuwar da aka yi wa motar, domin dokar Arewacin Amurka ce ta tilasta sa shekara a wurin. Volkswagen ta kasuwar Turai takan fara da WVWZZZ. Waɗannan Z uku cike gurbi ne, kuma alama ce cewa ba don Amurka aka yi ta ba. Ita tana sa shekara a gurbi na 10, amma Mercedes da Peugeot da yawa na kasuwar Turai ba sa sawa, wanda ya ƙirga a can zai tsinci shekarar ƙarya. Motar da aka yi don cikin gidan Japan kuwa lambarta gajera ce, kamar NZE121 da ɗan layi da lambobi bakwai. Wannan Corolla ce mai inji 1NZ, kuma babu shekara a jikin lambar ko kaɗan.

Aikin gida: kwafi lambar wata mota daga gilashi, da ƙofa, da takarda. In ukun sun yi daidai, rubuta ƙasar da aka haɗa ta da abin da ke gurbi na 10, ka kawo aji mu karanta tare.