Abin hana zafi da ake hurawa a silin: a auna zurfinsa bayan ya kwanta

Jama'a, duk mai shirin a hura masa garin hana zafi a saman silin, ya sani cewa kaurin ranar farko ba shi ne zai tabbata ba. Injin yana cusa shi da iska, sai ya yi tsiri kamar auduga, daga baya nauyinsa ya danne shi. Na selulos, wato wanda ake yi da niƙaƙƙiyar takarda, yakan ragu da kusan kashi 20 cikin 100. Na zaren gilas bai kai haka ba.

A ce R-38 kuke nema da selulos; R shi ne ma'aunin ƙarfin hana zafi wucewa, kuma gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙarfin. Kowane inci yana ba da kusan R-3.5, ke nan kuna buƙatar wajen inci 11 bayan ya kwanta. In lissafin kashi 20 za a bi, sai a hura kusan inci 14. Amma jadawalin jikin buhun garin shi ne alƙali, domin yana nuna zurfin farko, da na bayan kwanciya, da yawan buhunan da faɗin wurin zai ci.

Ni dai buhu nake ƙirgawa, don ana iya cika wa garin iska ya kai tsayi alhali kayan bai isa ba. Ku kafa sandunan awo a jikin katako kafin a fara. Ranar da kuka leƙa kuka ga kan katakon silin ya fito fili, musamman ta lungun bakin rufi, a ƙara.