Masu motar gazuwal mai FAP, ku juya galan ɗin

Jama'a, wanda motarshi ke da FAP, matatar hayaƙin nan ta cikin salansa, kar ya tsaya ga 5W-30 da ke jikin galan ɗin man inji kawai in zai yi bidanj, wannan kauri ne kawai yake nunawa. Ku juya galan ku nemi layin ACEA, ma'aunin man inji na Turai. In kun ga C3 ko C2 to mai ne mai ƙarancin toka, 0.8% iyakarta, amma A3/B4 tokarshi ta fi haka, kuma mota tana ƙone baƙin hayaƙin da ya taru a FAP in an kama hanya kamar Maraɗi zuwa Tasawa, toka kuwa ba ta ƙonuwa, zama take har ya toshe. C2 ya fi C3 tsinkewa in inji ya yi zafi, littafin mota zai faɗi naka. Masu Passat dai VW 507 00 za ku nema.