Kurakuran da Muke Yi Wajen Auna Rubutun Yara da Riƙon Fensir

Na sha duba littattafan 'yan aji ɗaya in ga malami ya rubuta 4/10 da jan biro, ya ƙara da "gyara rubutunka". Yaro ɗan shekara shida bai san abin da zai gyara ba, uwarsa ma ba ta sani ba. Jadawalin ba da maki ne maganin wannan, amma shi ma akwai inda muke tuntuɓe wajen tsara shi.

Babban kuskure shi ne haɗa riƙon fensir da kyawun rubutu a maki ɗaya. Rubutu a takarda ake ganinsa, riƙo kuwa sai ka tsaya kan yaro yana cikin rubutawa. A ware wa riƙo gurbinsa daban, kada a tara shi cikin jimilla.

A riƙon ma, yawancinmu iri ɗaya muka yarda da shi: babban yatsa da manuniya su kama fensir, ya kwanta a kan yatsan tsakiya. Wannan riƙo ne mai kyau, amma ba shi kaɗai ba ne. Binciken da Heidi Schwellnus da abokan aikinta suka buga a 2012, a kan 'yan aji huɗu a Kanada, ya nuna cewa masu riƙo da yatsu huɗu, da masu ɗora babban yatsa a gefen manuniya, ba su gaza sauran ba a sauri ko a karantuwar rubutu. Don haka kada jadawali ya tsaya ƙirga yatsu. Ya tambayi abin da ido ke gani: yatsu ne ke juya fensir, ko kuwa duk hannun ne tun daga kafaɗa? Ya matse har farcensa ya yi fari? Yana yarfe hannu bayan layi biyu? Ka juya takardar ka shafa bayanta. In ka ji tudun haruffa, dannawar ta yi yawa. Wanda ya dunƙule fensir a tafin hannu ya sami 1, wanda ya riƙe da yatsu amma wuyan hannu ke aikin ya sami 2, wanda yatsunsa ke motsi a sake ya sami 3. A kuma lura da shekaru, domin dunƙulewar da ba laifi ba ce ga ɗan shekara biyu abin dubawa ce ga ɗan shida.

Bahago kuma, don Allah, kada a rage masa komai. A karkata masa takarda zuwa dama, ya ɗan ja riƙonsa baya da tsini don ya riƙa ganin abin da yake rubutawa.

Kuskure na gaba shi ne cika jadawali da "mai kyau", "da dama", "da sauran aiki". Malamai biyu za su ba takarda ɗaya maki daban, kowa da gaskiyarsa. A sa abin da ake ƙirgawa. Ma'auni uku sun isa: ƙirar harafi, zama a kan layi, da tazara tsakanin kalmomi.

Ga yadda na yi da wata yarinya 'yar shekara shida. Na ba ajin jimlar nan su kwafa: "Kaka ta dafa ƙwai, ɗan Baba ya ɓare." Haruffa 27 ne, tazara 7, kuma akwai b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ. Da gangan na zaɓe ta, saboda jadawalin da aka kwafo daga darasin Turanci bai san da lanƙwasar haruffanmu ba, alhali ita ce ta raba kafa da ƙafa. Na ƙayyade cewa kuskure 3 ko ƙasa da haka maki 3 ne, daga 4 zuwa 8 maki 2, sama da haka maki 1. Haruffanta 6 sun tashi daga layi, ta sami 2. A ƙira, ta bar lanƙwasar ƙ, ta kuma juya d ta koma b, kuskure 2 ke nan, ta sami 3. Juya b da d abu ne da aka saba gani har wajen shekara bakwai, na dai sa alama a gefe. Tazara kuwa ina gwada ta da faɗin yatsan yaro: 6 ko 7 daidai maki 3, 4 ko 5 maki 2. Biyu kawai ta bari, ta sami 1. Da kallo ɗaya na yi wa takardar, da na ce rubutun ya munana, alhali cunkushewar kalmomi ce kawai. Makon da ya biyo baya aikinmu ɗaya ne, ta aza manuniyar hagunta bayan kowace kalma kafin ta fara ta gaba.

Sai kuskuren da ke rushe duk wannan: auna yara a yanayi daban-daban. Wani na kan benci, wani ya durƙusa a ƙasa da littafi a cinya, wani fensirinsa ba a feƙe ba. Ranar aunawa kowa ya sami abin ɗora littafi, fensir mai tsini, da jimla iri ɗaya. A ajin da ya cika, a ɗauki yara biyar a rana, a maimaita da jimlar nan a ƙarshen zango, a ajiye takardun biyu gefe da gefe.