Maganin amai ba ɗaya ba ne: kurakuran da aka fi yi wajen zaɓa

Amai yana tasowa ne daga saƙon da ke isa ƙwaƙwalwa, kuma saƙon ba ta hanya ɗaya yake bi ba. Wani daga hanji yake fitowa, wani daga jini, wani daga can cikin kunne, inda ake jin daidaiton jiki. Kowace hanya da sinadarin da ke ɗauke da saƙonta da kuma makarɓin da yake sauka a kansa. Magani yana aiki ne idan ya toshe makarɓin da ya dace. Wanda bai san wannan ba sai ya miƙa duk abin da ya gani a kanta.

Kuskuren da na fi gani shi ne ɗaukar ondansetiron a matsayin sarkin magungunan amai. Shi makarɓin serotonin mai suna 5-HT3 yake toshewa, wanda ya fi yawa a jijiyoyin hanji. Shi ya sa yake da ƙarfi a kan aman da ke biyo bayan maganin ciwon daji, ko bayan tiyata, ko na gudawa da amai. Amma ka ba da shi ga matafiyin da mota ke juya wa ciki daga Kano zuwa Maiduguri, ka yi asarar kuɗinsa. Aman tafiya daga kunne yake tasowa, ta makarɓin histamin H1 da na asetilkolin. Abin da ya dace da shi furometazin ne ko sinarizin, kuma a sha kafin a shiga mota, domin idan ciki ya riga ya birkice ƙwayar ba ta narkewa da wuri. Direba kuwa kada ya taɓa, suna sa barci. Haka nan ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 2 furometazin, yana iya danne masa numfashi.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne sakaci da masu toshe makarɓin dofamin D2, wato metokulofiramid da furokulorferazin. Dofamin ɗin da suke dannewa don tsayar da amai shi ne kuma yake daidaita motsin tsoka. A ɗauka yarinya ce 'yar shekara 14, nauyinta kilo 40, aka ba ta metokulofiramid miligiram 10 sau uku a rana kamar babba. Iyakarta rabin miligiram ne a kowane kilo a yini, wato miligiram 20, ga shi ta sha 30. Aman bai tsaya ba, sai aka ƙara mata furokulorferazin, ana ganin an canza magani, alhali makarɓi ɗaya aka sake bugawa. Washegari wuya ya karkace, idanu sun kafe sama, harshe ya fito, muƙamuƙi ya riƙe. A gida a ce iska ce ko farfaɗiya, a asibiti a fara zargin sanƙarau ko tetanus. Abin da ke bambancewa: tana cikin hayyacinta, tana jin magana, kuma abin ya fara ne cikin sa'o'i ko kwana ɗaya zuwa biyu da shan maganin. Tambaya ɗaya ce take warwarewa: "Mama, wane magani aka ba ta jiya?" A dakatar da su duka, a kai ta asibiti, allurar furosaikilidin ko difenhaidiramin kan saki tsokar cikin mintuna. Yara da 'yan mata ne wannan ya fi kamawa. Tun 2013 hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita metokulofiramid zuwa kwana 5, kuma babba kada ya wuce miligiram 30 a yini.

Gyaran a nan shi ne, idan magani bai yi aiki ba, a koma wani rukunin daban. Amma ko haɗawar sai da lura: saikilizin, shi ma maganin amai ne, yana rage motsin hanji, metokulofiramid yana ƙara shi, to ɗaya yana rushe aikin ɗaya. Wannan tura hanjin shi ya sa ba a ba da metokulofiramid idan ciki ya kumbura, babu bayan gida, babu tusa, domin ana zargin toshewar hanji. Mai ciwon Fakinsan, ciwon da ke sa rawar jiki, shi ma ba a ba shi.

Sai zuciya, wadda ake yawan mantawa. Ondansetiron da domferidon, wani maganin aman, suna tsawaita tazarar da ake kira QT a hoton bugun zuciya. A wajenmu mai amai sau da yawa mai zazzaɓin cizon sauro ne, yana kan kwinin ko lumefantirin, su ma suna tsawaita ta, ga amai ya kwashe masa sinadarin fotasiyam. Kafin a yi allurar, a tambayi abin da yake sha, a mayar masa da ruwa da gishirin jiki, kuma kada allurar jijiya ɗaya ta ondansetiron ta wuce miligiram 16.